Darasi: Gudun da ya Dace da Kwana Mai Karkata

Hanyar da ta taso daga Tawa, ta ratsa Agadas, ta ƙare a Arlit, ita ce ake yi wa laƙabi da hanyar yuraniyom. An shimfiɗa mata kwalta a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980 saboda manyan motocin da ke kai farar wuta, man fetur da kayan aiki wuraren haƙar ma'adinai na Arlit da Akokan, su kuma sauko da yuraniyom zuwa kudu. Tsakanin Agadas da Arlit kawai akwai kimanin kilomita 240. Mafi yawan hanyar miƙaƙƙiya ce, amma tana da kwanoni, kuma wanda ya lura da kwanar da aka gina bisa ƙa'ida zai ga ba a shimfiɗe take ba: gefen waje ya ɗan fi gefen ciki tudu. Ba kuskuren magina ba ne, da gangan aka karkata ta.

Tambayar wannan darasi ɗaya ce. Idan kwana tana da irin wannan karkata, wane gudu ne mota za ta shiga da shi ta zagaye lafiya ko da tayoyinta ba su riƙe hanya ba ko kaɗan? Wannan gudun shi za mu kira gudun da ya dace da kwanar.

Wani zai ce ai babu hanyar da taya ba ta riƙe ta sam. Gaskiya ne. Amma mutumin Arlit ya san yadda iska ke kwaso rairayi ta shimfiɗa shi a kan kwalta, ya kuma san yadda sitiyari ke yin sako-sako a hannu idan taya ta hau wannan rairayin. Riƙon taya abu ne mai canzawa: yau yana da yawa, gobe ƙura, ruwa, malalar mai ko suɗaɗɗiyar taya sun rage shi. Karkatar hanya kuwa tana nan yadda aka gina ta. Shi ya sa muke fara lissafi da cire riƙon taya gaba ɗaya, don mu ga abin da hanya ita kaɗai za ta iya yi wa mota.

Me ke juya mota a kwana?

Duk abin da ke tafiya, idan ba a taɓa shi ba, miƙewa zai yi sak. Wannan ita ce ƙa'idar farko cikin ƙa'idojin motsi da Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687. Motar da ke kwana kuwa tana canza alƙibla a kowane taki, don haka dole akwai wani ƙarfi da ke tura ta zuwa cikin kwanar. Idan muka ɗauki kwanar a matsayin yanki na babbar da'ira, wannan ƙarfin yana nufar tsakiyar da'irar ne, a kwance, ba sama ba ba ƙasa ba. Girmansa shi ne:

F = m v² / r

A nan m shi ne kilo nawa motar take da lodinta, v gudunta ne a mita cikin daƙiƙa ɗaya, r kuma nisan da ke tsakanin motar da tsakiyar da'irar, a mita. Ƙaramin r yana nufin matsattsiyar kwana, babban r kuma kwana mai faɗi. Ku lura da ɗan 2 da ke kan v. Ma'anarsa a ninka gudun da kansa, saboda haka idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake buƙata ninkawa huɗu yake yi.

A kwanar da take shimfiɗe, babu mai ba da wannan ƙarfi sai riƙon taya. Ranar da riƙon ya gaza, motar ba ta da abin da zai juya ta, sai ta miƙe ta bar hanya ta gefen waje. Fasinja yakan ce wani abu ne ya jefa su waje. A gaskiya babu abin da ya jefa su. Abin da ya kamata ya tura su ciki ne ya yi ƙaranci.

Ƙarfi biyu kacal

Yanzu mu karkata hanyar, mu kuma cire riƙon taya. Abubuwa biyu ne kawai suka rage suna aiki a kan motar. Na farko nauyinta, mg, wanda kullum yake ja zuwa ƙasa sak. Harafin g lamba ce ta jan ƙasa, kimanin 9.8. Na biyu turin da hanya take yi wa tayoyi, wanda za mu kira N. Hanya mai santsi ba ta iya jan taya gefe, sai dai ta tokare ta, kuma tokarar tana fitowa ne tsaye daga fuskar hanyar. Idan hanya a shimfiɗe take, N yana kallon sama sak. Idan an karkata hanyar da kusurwa θ, shi ma N ya jirkice da wannan kusurwar, ya sunkuya zuwa cikin kwanar.

Nan ne dabarar take. Turin da ya jirkice yana aiki biyu a lokaci guda: wani kaso nasa yana ɗauke da motar, wani kason yana tura ta zuwa tsakiyar da'ira. Ku jefa ƙwallon goruba cikin ƙwarya ku juya, za ku ga yana zagayawa a jikin bangon ƙwaryar ba tare da ya fita ba, domin bangon da ya karkata yana tallafe shi yana kuma mayar da shi ciki.

Kason N da ke kallon sama shi ne N cos θ. Motar ba ta nutsewa cikin kwalta, ba ta kuma tashi sama, don haka wannan kason daidai yake da nauyinta:

N cos θ = m g

Kason da ke kwance, mai nufar tsakiya, shi ne N sin θ. Tunda babu riƙon taya, shi kaɗai zai biya duk abin da kwanar take nema:

N sin θ = m v² / r

Sai mu raba layi na biyu da na farko. N yana sama yana ƙasa, ya fita. m ma haka, ya fita. Raba sin da cos kuwa shi ke ba da tan. Abin da ya rage:

tan θ = v² / (r g)

Idan gudun muke nema, sai mu juya shi:

v = √(r g tan θ)

Ku tsaya ku dubi abin da ya faru da m. Ya ɓace daga amsar. Babur ɗan kabu-kabu, motar fasinja da tankar mai cike taf, duk gudu ɗaya ne ya dace da su a kwana ɗaya. Direbobi da yawa ba sa yarda da wannan da farko, suna cewa ai mai nauyi ta fi wuyar juyawa. Haka ne, ta fi neman ƙarfi. Amma gwargwadon nauyinta take danna hanya, gwargwadon haka kuma hanyar take tokare ta, sai ƙarin buƙata da ƙarin turi su tafi kafaɗa da kafaɗa. Wannan ne ya sa injiniya yake iya gina kwana ɗaya don kowa.

Yadda ake auna kwana

Kalmar tan kada ta tsorata kowa. A aikin hanya, tan θ ba komai ba ne illa tashin hanya a raba da faɗinta. Idan a faɗin mita ɗaya hanya ta tashi santimita 7, to tan θ shi ne 0.07, kuma ma'aikatan hanya suna cewa karkatar kashi 7 cikin ɗari ce. A digiri, wannan bai wuce kusan 4 ba. Karkatar manyan hanyoyi ba ta cika wuce kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari ba, kuma za mu ga dalili nan gaba.

Ana iya auna ta da miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 da ma'aunin da magina ke duba daidaiton gini da shi, mai ɗigon iska a cikin ruwa. A ɗora kan katakon ɗaya a ɓangaren da ya fi tudu, katakon ya gitta hanyar, a ɗaga ɗaya kan har ɗigon ya tsaya a tsakiya, sannan a auna tazarar da ke tsakanin kan da aka ɗaga da kwalta. A raba tazarar da tsawon katakon.

Shi kuwa r ba sai an je neman tsakiyar da'ira cikin daji ba. A miƙe igiya tsakanin wurare biyu a bakin kwalta na cikin kwanar, a kira tsawonta c. A tsakiyar igiyar a auna tazarar da ke tsakaninta da bakin kwalta, a kira ta h. Ga kwana mai faɗi, wannan lissafin ya wadatar:

r = c² / (8 h)

Wanda zai gwada wannan a kan hanya ya tafi da mai duba masa motoci ta ɓangarorin biyu, ya kuma zaɓi lokacin da hanya ba ta da zirga-zirga.

Misali daga farko har ƙarshe

A ƙaddara mun auna wata kwana a hanyar Agadas. Lambobin na koyo ne. Igiyarmu mita 40 ce, tazarar tsakiya kuma ta fito mita 1. Katakonmu mita 2 ne, tazarar da ke ƙarƙashin kansa santimita 14.

Mu fara da r. Arba'in sau arba'in 1600 ke nan. A raba da 8, a sami 200. Kwanar yanki ce na da'irar da nisan tsakiyarta mita 200 ne.

Sai karkata. Santimita 14 a raba da santimita 200 ya ba da 0.07.

Yanzu a haɗa su:

v² = 200 × 9.8 × 0.07 = 137.2

A danna alamar √ a kalkuleta, a sami 11.7. Wannan mita 11.7 ne cikin daƙiƙa ɗaya. Agogon gudu na mota kuwa kilomita cikin awa yake nunawa, don haka a ninka da 3.6, a sami kusan 42. Gudun da ya dace da wannan kwanar kilomita 42 ne a awa.

Amsar takan ba ɗalibai mamaki, domin sun saba ganin ana shan kwana irin wannan da gudun 70 ko 80 ba tare da komai ya faru ba. Bari mu ga wa ke biyan bambancin. Gudun kilomita 80 a awa, idan aka raba da 3.6, mita 22.2 ne a daƙiƙa. A ninka shi da kansa, a sami kusan 494. A raba da r g, wato 1960, a sami 0.25. Ma'ana kwanar tana neman turi na gefe da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin motar. Karkatar hanya ta biya 0.07 kawai. Ragowar, kusan 0.18, a wuyan tayoyi yake.

Mu sa wa wannan nauyi don a ji shi a jika. Tirela mai tan 40 da ta shiga kwanar da gudun 80 tana buƙatar turi zuwa ciki daidai da nauyin tan 10. Hanya ta ba ta kusan tan 3. Sauran tan 7 ɗin daga ƴan wuraren da roba ta taɓa kwalta za su fito. A busasshiyar kwalta mai tsabta, da tayoyi masu ƙwari, wannan ba wani abu ba ne, shi ya sa direba yake wucewa kullum har ya ɗauka kwanar ba ta da haɗari. Ranar da rairayi ya kwanta a wurin, tan 7 ɗin nan suna nan ana neman su, mai bayarwa ne ya raunana. Direban da ya rage zuwa kusan 42 kafin ya shiga, shi bai roƙi tayoyinsa komai ta gefe ba. Kuma tun a miƙaƙƙiyar hanya ake ragewa, domin birki ma da riƙon taya yake aiki, kuma taka shi a tsakiyar kwana ƙarin kaya ne a kan tayar da ta riga ta ɗauki wani.

Alamar da ake gani daga cikin mota

Ba sai da kalkuleta ake gane wannan gudun ba. Ku dubi carbin da direba ya rataya a madubin gaba. A gudun da ya dace, carbin yana sauka sak zuwa daɓen motar, kamar tana tsaye a fili, ko da yake motar a karkace take. Ruwan da ke cikin gora shi ma yana kwanciya daidai da daɓen, fasinja kuma ba ya jin an matse shi da ƙofa ko da maƙwabcinsa, sai dai ya ɗan ƙara nutsewa cikin kujera. Idan gudu ya yi yawa, carbin ya karkata zuwa wajen kwanar. Idan ya yi kaɗan, ya karkata zuwa ciki, wajen gangare. Gwargwadon karkatarsa, gwargwadon aikin da tayoyi ke yi a ɓoye.

Wannan na biyun shi ake yawan mantawa. A hanya mai santsi, rashin gudu ma matsala ce: motar da ta gaza gudun da ya dace za ta zame ƙasa zuwa cikin kwanar, domin turin hanya ya fi abin da take buƙata. Idan babu riƙon taya, gudu ɗaya tak ne yake aiki, ba sama da shi ba, ba ƙasa ba.

Daga nan ne za a fahimci abin da ya hana a karkata hanya sosai. Don gudun 80 ya dace da kwanarmu, sai karkatar ta kai kashi 25 cikin ɗari, kusan digiri 14. Ku tuna irin motocin da ke bin hanyar Arlit, waɗanda ake jibga wa buhuna da jarkoki har lodi ya fi motar tsawo, suna tafe a hankali, wani lokaci su lalace su kwana a inda suka tsaya. Irin wannan mota idan ta tsaya a karkatar digiri 14, kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta zai riƙa jan ta gefe, lodin kuma ya rinjaya wajen gangare. Hanyar kowa da kowa dole ta yi wa mai gudu da mai rarrafe adalci, don haka injiniya yakan tsaya a ƙaramar karkata, ya faɗaɗa kwanar idan akwai fili. Da karkatar kashi 7, sai r ya kai kusan mita 720 kafin gudun 80 ya zama wanda ya dace. A filin tseren motoci na Daytona da ke Amurka, wanda aka buɗe a 1959, babu mai tafiya a hankali, shi ya sa aka karkata kwanoninsa har digiri 31.

A cikin ramin haƙa

Kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, daga buɗaɗɗun ramuka. A irin wannan haƙa, manyan motocin juji suna hawa da sauka ta hanyar ƙasa da ke zagaya bangon rami, ana kuma yayyafa mata ruwa don kwantar da ƙura, abin da kan ƙara mata santsi idan ruwan ya yi yawa. A nan tambayar juyawa take yi: an san gudun da aka yarda motoci su yi, ana neman karkatar da za a ba kwanar.

A ƙaddara kwana ce matsattsiya mai r na mita 30, gudun da aka ƙayyade kuma kilomita 15 a awa. A raba 15 da 3.6, a sami 4.17. A ninka shi da kansa, 17.4. A raba da 30 sau 9.8, wato 294, a sami 0.059. Karkatar kusan kashi 6 cikin ɗari ake so, santimita 6 a kowace mita ta faɗin hanya. Motar tana hawa da lodi ko tana saukowa fanko, amsar ba ta canzawa.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa gudu a kilomita cikin awa kai tsaye. Wanda ya sami 11.7 ya ce kilomita 11.7 a awa ya manta ninkawa da 3.6. Wanda kuma ya rubuta 7 a madadin 0.07 zai sami gudun sama da kilomita 400 a awa, kuma hankali kaɗai ya isa ya gaya masa akwai gyara. Haka nan kashi 7 cikin ɗari ba digiri 7 ba ne. Idan an ba ku kashi cikin ɗari, kun riga kun sami tan θ, ba sai kun danna komai ba. Idan digiri aka ba ku, sai ku danna tan, bayan kun tabbatar fuskar kalkuleta tana nuna DEG. Gwajin yana da sauƙi: tan 45 dole ya ba da 1.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan zurfi, wanda ke kama ɗaliban da suka riga suka yi darasin kaya a kan gangare. A can an koya musu N = mg cos θ, sai su kawo shi nan. Ba ya aiki. Kayan da ke kan gangare ba ya zagaya komai, motarmu kuwa ana juya ta zuwa tsakiyar da'ira, don haka hanya tana tokare ta fiye da nauyinta: N = mg / cos θ. Wannan ƙarin ne fasinja yake ji sa'ad da ya nutse cikin kujera. A ƙaramar karkata bambancin ba ya fitowa a lissafi, amma a digiri 30, idan aka nemi v² / (r g), lissafin da ya dace yana ba da 0.58 inda na kuskure yake ba da 0.43. Maganinsa shi ne a raba ƙarfin zuwa tsaye da kwance, ba bin gangaren hanya ba.

Sannan a san iyakar lissafin. Zamewa yake magana a kai, bai ce komai game da kifewa ba. Mota mai dogon lodi, ko tankar da ba ta cika ba mai yana kai-komo a cikinta, tana iya kifewa tun tayoyinta ba su zame ba, kuma a nan tsawon lodi yana da tasiri ƙwarai. Lissafin ya kuma ɗauka cewa karkatar tana nan yadda aka gina ta. A wuraren da kwaltar hanyar Arlit ta farfashe, ko gefen waje ya lotsa saboda nauyin manyan motoci, karkatar tana iya raguwa, ta ɓace, ko ma ta juya zuwa waje. Idan ta juya, turin hanya da kansa yana fitar da mota ne, kuma babu wani gudu da ya dace da irin wannan kwana sai wanda taya za ta iya riƙewa.

Aikin yi

Na ɗaya: kwana tana da r na mita 120 da karkatar kashi 5 cikin ɗari. Nemo gudun da ya dace da ita a kilomita cikin awa.

Na biyu: ana son gudun kilomita 60 a awa ya dace da kwana mai r na mita 500. Kashi nawa cikin ɗari za a karkata ta?

Na uku: tirela ta shiga kwanar aiki na ɗaya da gudun kilomita 15 a awa. Wane ɓangare carbin madubi zai karkata, kuma wane ɓangare tayoyi suke tura motar?

Amsar na ɗaya kusan 28 ce, ta biyu kusan 5.7. A na uku carbin zai karkata zuwa cikin kwanar, tayoyi kuma suna tokare motar zuwa waje don kada ta zame gangare. Wanda amsarsa ta sha bamban ya fara duba inda ya yi amfani da 3.6, sannan ya kawo takardarsa aji mu bi ta layi-layi tare.